Defo ko NDA: Ƙofar da Ka Shiga Ita Ke Yanke Inda Za Ka Tsaya

Tambaya: Shekaruna 18, na gama sakandare da kiredit shida har da Turanci da Lissafi. Ina son aikin soja. Abokaina sun ce in cike fom ɗin kurata in tafi Defo a Zariya, tunda a hankali zan hau har Janar. Kawuna ya ce in jira NDA, makarantar horon hafsoshin soja da ke Kaduna. Wanne zan bi? Daga wani matashi a Funtuwa.

Amsa: Ƙanena, kawunka ya fi abokanka gaskiya. A sojan ƙasa na Nijeriya tsani biyu ne, kuma ba a jone suke ba. Ɗaya na ƙananan sojoji ne, masu igiya a hannu. Ɗayan na hafsoshi ne, masu anini a kafaɗa. Wanda ya kai ƙarshen na farko ba ya zarcewa kan na biyu don kawai ya daɗe a aiki.

Wanda ya shiga ta Defo kurtu ne har ya gama horo na kimanin wata shida, sannan ya fito Farabiti, hannunsa babu komai, ba ya ba kowa umarni. Igiya ɗaya Las Kofur ce, biyu Kofur, uku Saje. Daga nan sai Sitaf Saje, wanda ake ɗora wa mikiya a saman igiyoyinsa uku, sai matakan Warant Ofisa, waɗanda mutanenmu suka fi sani da Samanja. Kofur yakan riƙe ƙaramin rukuni na mutum goma ko ƙasa da haka, kuma shi ne ya san wanda bai goge bindigarsa ba da wanda takalmi ya yi wa kanta a ƙafa. Irin wannan rukuni guda uku su ne filatun, mutum talatin da 'yan kai, kuma a nan ne tsanin biyu suke haɗuwa.

Mai ba da umarni a filatun Sakan Laftanar ne mai anini ɗaya, ko Laftanar mai biyu. Sau da yawa yaro ne ɗan shekara 23 da bai daɗe da fitowa daga NDA ba. Mataimakinsa kuwa Saje ne wanda wataƙila ya shekara 15 a aiki, ya ga daji, ya binne abokai. Da safe a fareti Sajen ne zai ƙame ya sara wa yaron. In aka ce filatun ta tafi sintiri, Laftanar ne zai karɓi umarni daga sama, ya duba taswira, ya zaɓi hanya, kuma in abu ya lalace shi za a tuhuma. Saje shi zai ƙirga harsashi da ruwa, ya tabbatar kowa ya ci abinci, ya raɗa wa Laftanar cewa wancan kwazazzabon wurin kwanton ɓauna ne. Laftanar mai hankali yana sauraron Sajensa, amma magana ta ƙarshe tasa ce. Ko Samanjan bataliya, wanda kowane soja a bariki ke shakkarsa, a doka yana ƙasa da mai anini ɗaya.

Daga nan tsanin hafsoshi ya miƙe. Kyaftin anini uku ne. Manjo ya ajiye anini ya ɗauki mikiya, shi ke riƙe kamfani, wato filatun uku ko huɗu, mutum ɗari da wani abu, galibi da Kyaftin a matsayin mataimaki. Laftanar Kanar, mikiya da anini ɗaya, shi ne kwamandan bataliya, wadda kan kai mutum 500 zuwa 800 idan ta cika. A ganina wannan ne matsayi na ƙarshe da kwamanda zai iya sanin fuskokin mafi yawan mutanensa. Cikakken Kanar sau da yawa aikin tsare-tsare yake yi a hedikwata ko a makarantun horo. Birgediya Janar na riƙe birged mai bataliya uku ko fiye, kamar Birged ta 3 a Kano ko ta 17 a Katsina. Manjo Janar na riƙe runduna guda, kamar ta 1 a Kaduna, ta 3 a Jos, ta 7 a Maiduguri ko ta 8 a Sakkwato. Babban Hafsan Sojan Ƙasa yawanci Laftanar Janar ne, cikakken Janar kuma shi ne Babban Hafsan Tsaro, wanda ke saman sojan ƙasa da na ruwa da na sama.

Dubi tafiyar Muhammadu Buhari. Ya fito Sakan Laftanar a 1963, aikinsa na farko riƙe filatun a Bataliya ta 2 a Abeokuta. Sai da ya shekara kusan 18 kafin ya zama kwamandan rundunar da ke Jos a 1981. Wannan hafsa ke nan da ya faro daga gindin tsanin da ya dace. Ka ƙiyasta wanda zai fara cinye shekara goma yana neman igiya.

Ba na cewa ƙofa a rufe take ruf. Aguiyi-Ironsi ya shiga soja a 1942 a matsayin ƙaramin soja, ya zama hafsa a 1949, har ya kai Manjo Janar. Yau ma akwai hanyar da soja mai igiya zai nemi zama hafsa, ta jarrabawa da shawarar kwamandansa. Sai dai gurabun kaɗan ne, kuma wanda ya samu yakan samu ne shekaru sun ja, ritaya ta riske shi tun bai yi nisa ba.

Shawarata ita ce, tunda kana da kiredit biyar ɗin da ake nema kuma shekarunka na cikin iyakar da NDA ta saba sanyawa, wato 17 zuwa 21, ka zauna jarrabawar JAMB ka zaɓi NDA. Shekara biyar ake yi a ɓangaren sojan ƙasa, huɗu na digiri, ɗaya na horon soja zalla. Kana da damar gwadawa fiye da sau ɗaya. In ba a dace ba, ka yi digiri a jami'a ka nemi shiga ta gajeren horon hafsoshi da ake buɗe wa masu digiri. Idan kuwa halin gida ba zai bar ka ka jira ba, ka tafi Defo da zuciya ɗaya, aiki ne na mutunci, amma ka tafi da sanin cewa ƙololuwar wannan hanyar Samanja ce. Kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sama maka gurbi, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi.

Tambaya: Mun yi gardama a majalisa. Tunda Manjo ya fi Laftanar, ashe Manjo Janar bai fi Laftanar Janar ba? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, Laftanar Janar ne a sama. Asalin kalmar laftanar na nufin muƙaddashi, don haka Laftanar Janar muƙaddashin Janar ne, kamar yadda Laftanar Kanar yake dab da Kanar. Shi kuwa Manjo Janar, a tsohon tsarin sojan Turawa sunansa Saje Manjo Janar, daga baya aka yar da kalmar saje. A kafaɗa ma za ka gane: dukansu suna da mikiya da takobi da sanda a gicciye, amma Laftanar Janar yana da ƙarin anini ɗaya.