Hoton Rasit Ba Tare da Magana Ba: Yadda Za Ki Gane Buƙatar Mai Turowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce nake riƙe da lambar WhatsApp ta kantinmu a Mabera, nan Sakkwato. Mutane kan turo hoton rasit su yi shiru. Idan na ce "me ya faru?" wasu haushi suke ji, wasu ba su sake amsawa. Yaya zan gane abin da suke so?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wanda ya ɗauki hoton rasit ya turo, a wajensa ya riga ya yi magana. Gani yake takardar ta faɗi komai, shi ya sa tambayarki take ɓata masa rai. A shekarun da na yi ina aikin akanta, kusan duk mai miƙo rasit ɗayan uku yake nema: a tara masa jimilla, ko a rarraba masa kayan kashi-kashi, ko kuma a mayar masa da kuɗinsa. Hoton da kansa yakan nuna wanne ne, idan kika duba yadda aka ɗauke shi kafin ki karanta abin da ke ciki.

Fara da ƙirga rasit ɗin. Idan biyar ne ko goma aka jera a tabarma, ko aka turo su ɗaya bayan ɗaya, kwanakinsu kuma daban-daban, to jimilla ake so. Yawanci mai gidan abinci ne ko wanda aka aika sayayya zai je ya ba maigida lissafi. Idan kuwa rasit ɗaya ne dogo, an ɗauke shi tun daga sama har ƙasa, ga abinci ga kayan wanka ga littattafan rubutu a haɗe, mai shi kuma yana saya wa makaranta ko ofis, to rabewa yake so, domin kowane kashi da asusun da ake cire shi. Waɗannan biyun ba su da wahala.

Na ukun ne ya fi bukatar ido, domin mai shi ransa a ɓace yake tun kafin ya turo. Alamarsa ita ce hoton ba ya damuwa da dukan takardar. An matso da waya kusa da layi ɗaya, ko an ɗora yatsa a kansa, ko an zagaye shi da biro. Kwanan watan na yau ne ko jiya. Sau da yawa hoto na biyu yana biyo baya: kayan da ya lalace, ko saƙon banki na cire kuɗi.

Bari mu ɗauki misali da lambobi. Wata Hajiya ta turo rasit na jiya da yamma, yatsanta a tsakiyar takardar. Layukan huɗu ne: shinkafa naira 9,000, sabulun wanki 2,500, sabulun wanki kuma 2,500, sai fitila mai caji 15,000. A ƙasa an buga `SUBTOTAL` 29,000, `VAT` 1,500, `TOTAL` 30,500. Ki fara tara layukan da kanki. Sun ba da 29,000, ashe na'ura ba ta yi kuskuren haɗawa ba. Sai haraji. Tun watan Fabrairun 2020 harajin kayan masarufi a Nijeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne, kuma ba a ɗora shi a kan abinci na yau da kullum irin shinkafa. Idan kika cire 9,000, saura 20,000, harajinsu 1,500 daidai. Nan ma ba matsala. Abin da ya rage shi ne sabulun da ya fito sau biyu a jere, a daidai wurin da yatsa yake. Mai yiwuwa ɗaya ta ɗauka, na'urar karanta kaya ta yi ƙara sau biyu, yaron kanti bai lura ba.

To maimakon "me ya faru?", ki rubuta mata: "Hajiya barka da yini. Na ga sabulu ya fito sau biyu a rasit ɗin. Ɗaya kika ɗauka ko biyu?" Ta ga kin karanta, amsarta kuma kalma ɗaya ce. Idan ta ce ɗaya, abin da za a mayar mata 2,687 da kobo 50 ne, domin 187.50 na harajin sabulun shi ma an karɓa a hannunta. A nan kantuna da yawa suke tauye haƙƙin mutane ba da gangan ba, su mayar da 2,500 kawai. Kuɗin ƙanƙani ne, amma ba naku ba ne, kuma ni ina ganin bai kamata a yi sakaci da shi ba.

Sai dai ki kula, rasit yana nuna abin da aka caje ta ne, ba ya nuna abin da ta fita da shi a leda. Don haka kada ki yi alkawarin mayar da kuɗi nan take. Ki ce za ki duba, ki ba ta lokacin da za ki dawo mata da amsa, sannan a ƙirga sabulun da ya rage a kanta a gwada da abin da na'ura ta ce ya rage, ko a duba kyamara idan kuna da ita. Da a ce yatsan a kan fitila yake, an kuma biyo da hotonta ba ta kamawa, to maganar kayan da bai yi aiki ba ce, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC take kula da ita, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. Rubutun da ake mannawa a bango cewa ba a dawo da kaya bai shafe wannan ba.

Akwai takardar da ake rikita ta da rasit ɗin kanti, wato 'yar guntuwar da na'urar POS take fitarwa. Ita ba ta lissafa kaya, sai kuɗi da lokaci da kalmar `APPROVED` ko `DECLINED`. Duk wanda ya turo mai `DECLINED` haɗe da saƙon banki, cewa yake an cire masa kuɗi alhali ya sake biya ta wata hanya. Wannan kuɗin galibi bai shigo asusunku ba, yana tsakanin bankuna. Ki duba asusun kanti na wannan ranar, ki gaya masa gaskiyar abin da kika gani, ki nuna masa lambar `RRN` da ke jikin takardar, domin ita bankinsa zai nema idan ya kai ƙorafi.

Wani abu kuma da mu 'yan Sakkwato muka fi kowa sani: takardar rasit da zafi ake buga ta, ba da tawada ba. Ta kwana biyu a aljihu ko a gaban mota a watan Afrilu, sai rubutun ya dushe ko takardar ta yi baƙi. Idan kika kasa bambance 3 da 8 a hoto, kada ki yi hasashe ki tara. Ki roƙi a shimfiɗa takardar a inuwa a sake ɗauka, ko ki karɓi lambar rasit da kwanan wata ki nemo kwafinsa a na'urar kantinku. Idan hoton ya gaza nuna ko wace alama, tambayarki ta ɗauki zaɓin a cikinta: "Alhaji, jimilla zan haɗa maka, ko akwai kayan da aka yi kuskure a kansa?"