Cire tambari daga littafin PDF da aka saya

Tambaya: Malam, ina koyar da bayoloji a wata makarantar share fagen JAMB a Argungu. Na sayi littafin PDF da kuɗina, amma kowane shafi ɗauke yake da sunana da imel ɗina da gargaɗin haƙƙin mallaka. Ina so in buga babin ƙoda in raba wa ɗalibaina arba'in, kuma ina tsoron sunana ya yaɗu. Yaya zan goge su?

Amsa: Malama, hanyar gogewa kam ba za ki same ta a wurina ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta hana karya kariyar da aka sa wa aiki a sashe na 50, ta kuma hana cire bayanan da ke nuna mai haƙƙi a sashe na 51. Gargaɗin nan da sunan mawallafi suna cikin irin waɗannan bayanai.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne wannan magana ta "ai da kuɗina na saya". Kullum sai an kawo ta. Abin da kuɗinki ya saya miki shi ne izinin karanta kwafi ɗaya, bisa sharuɗɗan da kika amince da su lokacin biya. Ikon kwafa da bugawa da rabawa yana nan a hannun marubuci ko kamfanin ɗab'i, kuma a Najeriya ba ya faɗuwa sai bayan shekara 70 daga ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu. Wanda ya kama hayar shago a kasuwa yana da makulli, amma ba shi da ikon kankare sunan mai shago daga takarda. Yaran shagunan kwamfuta da ke cewa "kawo ɗari biyar in wanke miki shi" su ke ƙara yaɗa wannan ruɗu, su da masu zaurukan WhatsApp da Telegram da ke kiran satar littafi taimakon ɗalibai. Abin da ba sa faɗa shi ne, masu sayarwa da yawa suna ɓoye lambar ciniki a cikin fayil ɗin kansa, inda ido ba ya gani. A goge na fili, na ɓoye yana nan. Ranar da fayil ya ɓulla a zaure, wurinki za a biyo sawu, ba wurin yaron ba, kuma gogewar ta zama shaida cewa da gangan aka yi. "Ban sayar ba, kyauta na raba" ma ba ta wanke mutum, domin kwafi arba'in ciniki arba'in ne mai littafi ya rasa.

To, me ya halatta? Sashe na 20 ya ba da damar amfani na adalci, kamar karatun kai, binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi da bita. Kada ki saurari masu cewa kashi goma cikin ɗari halal ne, dokar ba ta yanka wannan adadi ba. Ana duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da kuma illarsa ga kasuwar littafin. Makarantarku tana karɓar kuɗi, babi kuma sukutum ne, don haka ma'aunin bai karkata gare ki ba.

Mu ɗauki babin ƙodar. Yadda ƙoda ke tace jini ilimi ne, ba mallakar kowa ba. Doka tana kare tsarin kalmomi da zane ne kawai. Ki karanta, ki rufe littafin, ki rubuta darasinki da kalmominki, ki zana naki zanen ba tare da bin layin nasu ba. Idan akwai ma'anar da kike so yadda take, ki ɗauko jimla biyu ko uku cikin alamar zance, ki sa sunan marubuci, sunan littafi, shekara da shafi.

Idan kuwa babin kansa kike so, ki rubuta wa kamfanin ɗab'in, adireshinsu yana shafin haƙƙin mallaka. Ki faɗi sunan littafi da lambar ISBN, shafi kaza zuwa kaza, kwafi arba'in a takarda, na zango ɗaya, kuma ɗalibai suna biyan kuɗin makaranta. Kada ki ɓoye wannan na ƙarshen. Ki roƙi su turo miki babin ba tare da sunanki ba, su ne ke da ikon cirewa, wannan kuma ya magance tsoronki. Ki adana amsarsu a rubuce. Shirunsu ba izini ba ne. Akwai kuma REPRONIG, ƙungiyar da ke ba makarantu lasisin kwafar littattafai, shugaban makarantarku zai iya tuntuɓarsu.

Hanya mafi sauri ita ce littafi mai buɗaɗɗen lasisi. OpenStax, cibiyar wallafa littattafai ta Jami'ar Rice da ke Amurka, tana da littattafan bayoloji kyauta. Ki duba lasisin tukuna: CC BY ya ba ki damar bugawa da gyarawa muddin kin ambaci masu shi, amma idan kin ga NC a ciki, an hana amfanin kasuwanci, kuma makaranta mai karɓar kuɗi gara ta nemi izini kafin ta buga.