Me ya sa uzurina ba ya shiga?

"Don Allah duk sanda na makara wajen aiki na ba da uzuri sai oga ya riƙa yi min kallon maƙaryaci, alhali wani lokacin gaskiya nake faɗa. Ina matsalar take?"

Ɗan uwa, yawanci tsawon maganar ne ke kashe ta. A ce taya ce ta yi maka faci a hanya. Idan ka ce "wani abu ne ya taso", ba ka ba shi abin kamawa ba, sai ya cike gurbin da zato. Idan kuma ka fara zuba, ƙusa ce, tayar baya ce, mai facin ya tafi cin abinci sai da na jira shi, ga caji ya ƙare, to nan ma ka jawo wa kanka, don amsar tambayar da ba a yi ba kamar shiryayyen labari take, kuma kowane ƙarin bayani abu ne da dole ka tuna gobe. Ranar da ka manta ka ce wa abokin aiki tayar gaba ce, shi ke nan, har gaskiyar cikin ta tafi.

Dalili ɗaya ya isa, na gaskiyar. Dalili biyu ma raunana juna suke, ji ake kamar kai ma ba ka yarda da na farkon ba. Kuma ka turo saƙo tun kana hanya: "Ranka ya daɗe, taya ta yi faci, zan iso nan da minti 40, a yi haƙuri." In ya tambaya sai ka ƙara. Rantsuwar nan ta wallahi tallahi kuma a rage ta. In kuwa barci ne ya kwashe ka, ka ce barci ne kawai.