Neman ƙarin wa'adi daga makaranta: amsa ga ƙanena

"Salamu alaikum Yaya. Makarantar da nake neman gurbin digiri na biyu za ta rufe karɓar takardu ranar 15 ga Janairu, yau kuma 6 ga wata, har yanzu tiranskirif ɗina bai fito daga tsohuwar jami'armu ba. Sun ce sai nan da mako biyu ko uku. Ina so in tura musu imel su ƙara mini lokaci, amma hannuna bai faɗa ba a rubutun hukuma. Ga daftarin da na yi, shafi ɗaya da rabi ne. Don Allah ka duba mini."

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta daftarin naka har ƙarshe, kuma don Allah kada ka tura shi. Kai ne na huɗu da ya turo mini irin wannan a 'yan watannin nan, kuma dukanku rami ɗaya kuke faɗawa, ramin da ni ma na faɗa har ya ci mini shekara guda cur.

Abin da ka roƙa shi ne kuskuren farko. Ka ce su ɗaga maka ranar rufewa. Wanda zai buɗe saƙonka ma'aikaci ne a ofishin ɗaukar ɗalibai, kuma galibi ba shi da ikon taɓa wannan ranar, domin shafin cike fom da kansa yake rufewa idan lokaci ya cika, kuma ranar ta kowa da kowa ce. Idan ka tambaye shi abin da ba ya hannunsa, amsar a shirye take, kwafe ta zai yi ya liƙa maka. Abin da sau da yawa yake iya yi, ko ya miƙa wa na sama da shi, shi ne ya bar fayil ɗinka a buɗe saboda takarda ɗaya da ta makara. Saboda haka ka cike fom ɗin gaba ɗaya, ka ɗora duk abin da ke hannunka, ka biya kuɗin nema idan akwai, ka tura kafin 15 ga wata. Roƙonka ya tsaya a kan tiranskirif kaɗai.

Lokacin da nake nema, takardar da ta tsaya mini ita ma tiranskirif ce. Na yi zarya ofishin da ke bayar da ita har na daina ƙirgawa, kullum a ce mai sa hannu ba ya nan. Na zauna ina jira da fom ɗina a cike, ban tura ba, a tunanina ba a tura abu rabi. Sai da wa'adi ya wuce da kwana biyu na rubuta wa makarantar doguwar wasiƙa. Na ba su labarin gidanmu, da yadda nake burin karatun nan tun ina yaro, da irin wahalar da na sha. Amsa ta zo layi biyu: an rufe, ba su da wata nema da sunana, in sake gwadawa baɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne layi na biyu, domin gaskiya suka faɗa. A wurinsu babu ni, ba ni da lamba, ba ni da fayil, babu abin da za su ƙara wa lokaci. Na daɗe ina jin haushin waɗanda suka riƙe mini takarda, kuma har yau ban ce sun kyauta ba. Amma da shekara ta zagayo, wasiƙar shaida daga wani malamina ta sake makara, na tura fom a kan kari, na rubuta layi takwas tun saura mako guda, aka ba ni kwana goma. Da wannan na shigo, da shi na gama, babu wanda ya yi mini hanya.

Yanzu ga daftarinka. Sakin layi biyu na farko duk gaisuwa ce da yabon makaranta. Na san tarbiyya ce ta sa, ba ma shiga magana sai mun gaisa. Sai dai mutumin nan a makon rufewa yana da tarin saƙonni a gabansa, idonsa na neman abu uku: wane ne kai, me kake so, zuwa yaushe. A naka sai a layi na goma sha tara na gano abin da kake nema, kuma ko a nan "ɗan lokaci" ka ce. Ɗan lokaci ba ya shiga kwamfuta. Sai ka ba shi rana da wata zai iya rubutawa a fayil ɗinka. An ce maka mako biyu ko uku, wato mafi nisa 27 ga wata. Ka ɗauki mafi nisan, ka ƙara kwana biyu saboda tsaiko, ka nemi 29 ga Janairu, kwana 14 ke nan bayan rufewa. Kada ka nemi gajeren lokaci don a ga kana da kunya, domin roƙo na biyu ya fi na farko wuyar karɓuwa nesa ba kusa ba.

Ga yadda zan rubuta shi da ni ne kai. Na sa shi da Hausa don ka ga ƙashin bayansa, kai za ka mayar da shi harshen makarantar da hannunka. A gurbin `Subject` ka sa: Neman ƙarin lokacin miƙa tiranskirif, sai lambar nemanka, sai sunan kwas. A ciki kuma:

"Zuwa ga ofishin ɗaukar ɗalibai,

Sunana wane, ina neman gurbin digiri na biyu a kwas kaza na zangon kaza, lambar nemana kaza. Ina roƙon a ba ni dama in miƙa tiranskirif ɗina zuwa ranar 29 ga Janairu, maimakon 15 ga Janairu.

Na nemi takardar daga jami'ar da na gama tun ranar kaza, kuma sun sanar da ni cewa za ta fito nan da mako uku. Na haɗo rasit ɗin neman da kwafin sakamakona na wucin gadi. Sauran takarduna duka na ɗora su, kuma zan tura fom ɗin kafin ranar rufewa.

Idan ƙarin lokacin ba zai yiwu ba, ina so in san ko za a iya duba nemana da sakamakon wucin gadi kafin na asali ya iso.

Na gode da lokacinku."

Sai cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo, da lambar neman a ƙarƙashinsa. Shi ke nan, bai kai kalma 150 ba.

Ka lura da sakin layi na uku, shi ne wanda mutane ba sa sakawa, kuma ni a ganina ya fi sauran amfani. Makarantu da yawa suna duba nema da kwafin sakamako, su ba da gurbi bisa sharaɗin a kawo na asali kafin rajista. Idan ka yi tambaya ɗaya tak, amsarta ko e ko a'a. Idan ka buɗe ƙofa ta biyu, wanda ba zai iya ba ka ta farko ba yana da abin da zai ba ka. Kafin ma ka rubuta, ka koma shafin kwas ɗin ka karanta abin da suka ce game da takardun da suka makara. Wani lokaci amsar tana nan a rubuce, kuma tambayar abin da ke rubuce tana nuna ba ka karanta ba.

Akwai wurin da ka zagi tsohuwar jami'arku, ka ce ma'aikatanta ba su san aikinsu ba. Cire shi, ko da gaskiya ne. Wanda kake rubuta wa shi ma ma'aikacin jami'a ne, kuma daga wannan jami'ar da kake kushewa sakamakon da kake so su yarda da shi zai fito. Ka faɗi ranar da ka nema da ranar da aka ce za ta fito, rasit ya yi sauran bayanin. Ka haɗa shi a PDF mai fitowa sarai, da sunanka a jikin fayil ɗin, kada ka tura hoton waya mai inuwar yatsa a gefe. Na kuma ga ka ambaci rashin lafiya a tsakiya. Idan da gaske ita ce ta jinkirta ka kuma kana da takardar likita, to ita ce dalilinka, ka tsaya a kanta. Idan don a tausaya ka sa, goge ta. Dalili uku a wasiƙa ɗaya suna raunana juna, kuma ranar da aka ce ka kawo shaida ka rasa, ka zubar da amincin da fayil ɗinka duka ya dogara a kai.

Game da cewa hannunka bai faɗa ba, wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Abin da ya dame ni manyan kalmomin da ka tsinto ka cusa, waɗanda na tabbata ba ka furta su a baki. Sun sa wasiƙar ta zama kamar ta wanda ya ari babbar riga. Ka rubuta gajerun jimloli da kalmomin da ka mallaka, kowace jimla ta ɗauki magana ɗaya. Ka rubuta da kanka sau biyu ko uku, ka karanta da ƙarfi, duk inda numfashinka ya yanke kafin aya, jimlar ta yi tsawo. Sunan wata kuma ka rubuta shi da haruffa, domin 6/1 a wata ƙasa 6 ga Janairu ne, a wata kuma 1 ga Yuni.

Ka tura yau ko gobe, daga adireshin imel ɗin da ka buɗe fom da shi, zuwa adireshin da ke shafin kwas ɗin, ba na shugaban jami'a ba. Idan kwana uku na aiki suka wuce shiru, ka danna `Reply` a kan saƙonka na farko ka tuna musu da layi biyu, kada ka buɗe sabon saƙo. Shiru ba amincewa ba ne, muddin ba ka ga e a rubuce ba wa'adinka na nan a 15 ga wata, kuma da agogon garin makarantar ake rufewa, ba da naka ba. Idan sun amince, ka adana amsar. Ka kuma duba ko kana neman tallafin karatu, domin shi sau da yawa wa'adinsa daban ne, ofishinsa daban, kuma ƙarin da aka yi maka a nan ba lallai ya shafe shi ba. Wannan sai ka tambaya a saƙo na daban.

Ka gyara ka turo mini kafin ka kwanta, zan duba idan na tashi daga aiki. Gobe da sassafe kuma ka koma ofishin tiranskirif ɗin, ka roƙi su rubuta maka ranar da za ta fito a takarda mai hatimi, ka haɗa da ita.