Sabon shugaban tawaga, aiki ya min yawa

"An ba ni shugabancin masu rubuta manhaja su biyar, ga shi ni ke kwana a ofis su kuma sun tashi tun la'asar. Ina matsalar take?"

Malam, ina zargin har yanzu kai kake gyara komai da hannunka. Yaro ya kawo aiki da kuskure, maimakon ka nuna masa wurin ka mayar masa sai ka ce kawo nan, minti goma ka gama, shi bai koyi komai ba gobe ma zai dawo da irinsa. Duba `git log` na makon nan, wato jerin gyare-gyaren da aka yi wa manhajar da sunan wanda ya yi kowanne, in rabin sunayen naka ne to ka gano. Ka raba duba aikin juna tsakaninsu, kai ka dauki abin da ba na gaggawa ba kawai, don mitin zai cinye maka rana.