Yashin da Tifa ta Juye Mini Ya Cika Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a Kano, na biya kuɗin yashi kubik mita 12, amma tulin da tifa ta juye bai cika mini ido ba. Direba ya rantse lodinsa cikakke ne. Ta yaya zan auna tun kafin magina su taɓa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka samo igiya doguwa wadda ba ta miƙewa, da tef, da wayarka saboda kalkuleta. Kafin awo, ka sa lebura ya tattaro gefe-gefen da shebur har tulin ya zama mai kai ɗaya kamar malfa, domin tifa takan ja gaba tana juyewa, sai tulin ya fito da tsawo, lissafin nan kuwa na tuli mai zagayayyen gindi ne.

Awo biyu za ka yi. Na farko, zagaya gindin tulin da igiya, daidai inda yashi ya haɗu da ƙasa, ka auna ta da tef. Na biyu, mutum ɗaya ya riƙe bakin igiya a gindi, a ɗaga ta ta bi ta kan tsinin, ta sauka a gindin wancan ɓangaren. Rabin wannan shi ne tsawon gangara. Kada kowa ya hau tulin, domin ƙafa ɗaya ta isa ta zaftare shi ta ɓata awon.

Mu ɗauka kewayen ya ba ka mita 15.7, igiyar sama kuma mita 6, wato gangara mita 3. Raba kewayen da 6.28, ka sami 2.5. Wannan ne nisan da ke tsakanin tsakiyar gindi da bakinsa. Tsayin tulin yana binne cikin yashi, tef ba zai kai gare shi ba, sai dai a fito da shi ta lissafi. Gangara sau kanta 9 ne, 2.5 sau kansa 6.25 ne. Cire ƙarami daga babba, saura 2.75. Danna alamar √ a kan 2.75, za ka ga kusan 1.66, tsayin ke nan. Sai ka haɗa: 6.25 sau 1.66 sau 1.047, amsa ta fito kusan kubik mita 10.9. Ita 1.047 ɗin nan 3.14 ce aka raba uku, saboda tuli mai tsini sulusin abin da ganga mai faɗinsa da tsayinsa za ta ci yake ɗauka.

To a nan nake roƙonka ka yi hattara, domin igiyar sama ita ce mai rikici. Da ta ba ka 5.8 maimakon 6, amsar za ta faɗo zuwa 9.6. Da ta ba ka 6.2, za ta hau zuwa 12. Ka ga bambancin da bai wuce taƙi guda ba ya ci fiye da kubik mita ɗaya. Saboda haka ka auna ta sau uku ta fuskoki daban-daban, ka haɗa ka raba uku. Akwai kuma hanyar gane ko ka yi kuskure: busasshen yashi idan ya zauna da kansa, tsayinsa yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na nisan tsakiya zuwa baki. A misalinmu 1.66 da 2.5 sun dace. In lissafi ya ba ka tsayin da ya kai 2.5 ko ya wuce, sake awo.

Ka kuma duba kan tulin. In a daddaɓe yake ba tsini, lissafin zai ba ka ƙasa da abin da ke wurin, haka ma in an juye shi cikin kwari. Sannan ka damƙi yashin a hannu. Mai danshi, irin wanda aka ɗebo daga kogi da safe, yakan kumbura har ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in ya bushe ya koma. Tuli mai danshi da ya ba ka 12 ba 12 ba ne a wajen kwaɓa siminti.

Shawarata, in ka sami 11 ko sama da haka, kada ka tuhumi bawan Allah, giɓin yana cikin kuskuren awo. In ka auna sau uku kana samun 9 ko ƙasa, kira shi ku maimaita awon a gabansa, a rage maka kuɗi ko a ciko. Lodi na gaba kuwa, ka tsayar da tifar kafin ta juye, ka auna tsawo da faɗin bodinta daga ciki da zurfin yashin bayan an baje shi, ka ninka ukun. Wannan ya fi awon tuli daidaito, kuma direba yana tsaye yana gani.