Wace manhaja zan yi inbois da ita, kuma in ci tarar mai jan biya?

Tambaya: Salam. Ina da ɗan shagon buga takardu, makarantu da kamfanoni nake wa aiki, amma da biro nake rubuta inbois kuma kuɗina na daɗewa a waje. Wace manhaja zan ɗauka, ya zan tsara lamba, kuma ya dace in sa tara ga wanda ya ja biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar manhaja ita ce mai sauƙi a ciki. Ga shago irin naka Zoho Invoice ta isa, kyauta ce, tana aiki a waya, tana karɓar naira, kuma za ta nuna maka wa ya biya wa bai biya ba. QuickBooks kuwa duk wata sai ka biya, ka bari sai lissafin shagon gaba ɗaya kake so ka kai can. Koma wacce ka ɗauka dai, ka fara gwada ko za ka iya sauke duk bayananka a matsayin Excel ko CSV, don ranar da za ka bar ta kar ka tafi hannu rabbana.

Lamba kuma layi ɗaya za ka bi, ba tsallake ba maimai, misali haka:

```
INV-2025-0001
INV-2025-0002
```

Kar ka yi wa kowane kwastoma nasa layin, za ka rikice. Kuma in ka riga ka tura inbois sannan ka ga kuskure, don Allah kar ka goge shi, ka danna Void, wato ka soke shi, ka fitar da sabo da lamba ta gaba, in kuma ragi ne kawai ko an dawo da wani kaya sai ka yi Credit Note, wato takardar da ke rage kuɗin da ke kan inbois ɗin. Dalili kuwa, ranar da akanta ko mutanen haraji suka ga 0014 sai 0016, tambayar farko ina 0015 ya shiga, kai kuma ka manta. Lamba biyu iri ɗaya ta fi wannan muni, don akantan makaranta zai ce ai an biya wannan, kuma takarda na hannunsa.

To wa'adin biya nan ne kuɗinka ke maƙalewa, nan nake so ka natsu. A ce ka buga wa makaranta katin sakamako na naira 400,000. In kana cikin masu karɓar VAT, kashi 7.5 ne, wato 30,000, jimla 430,000. Ka fitar da inbois ran 3 ga Maris ka zaɓi Net 30, ma'ana kwana 30, ranar biya ta zama 2 ga Afrilu. Ka rubuta ranar ɓaro-ɓaro a jiki, kar ka bar Net 30 kaɗai, don wasu ofisoshin daga ranar da takarda ta shiga hannun akanta suke fara ƙirga, wasu ma daga ƙarshen wata, ka ga kwana 30 ya koma kusan 60 kana zaune takarda da tawada sun tashi a kasuwa. Saboda haka ranar da ka kai kaya ranar za ka kai inbois, su buga maka hatimi da kwanan wata a kofinka. Ni shawarata ma ka karɓi rabi kafin ka kunna inji, ragowar kwana 14, sai tsohon kwastoma mai cika alkawari ka ba 30.

Tara kuma, yadda ake yinta shi ne a ce kashi 2 duk wata kan abin da ya rage, a 430,000 ɗin nan 8,600 kenan a wata. Amma sai an yarda da ita tun a takardar farashin da suka sa wa hannu kafin aiki, in ka ƙirƙiro ta bayan wa'adi ya wuce ba mai biyanka, sai dai ka rasa kwastoma.

Sannan akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Kuɗin da kake bi bashi ne, kuma jamhurun malamai suna ganin ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ne, shi ya sa bankunan Musulunci in sun ci irin wannan tara sadaka suke bayarwa da ita, ba ta shiga ribarsu. Ka zauna da malaminka kafin ka sa. Ni abin da na ga ya fi aiki shi ne ka saita manhajar ta tura tunatarwa saura kwana 3, da ranar kanta, da bayan mako ɗaya, sannan ka rubuta a ƙasan kowane inbois cewa ba a karɓar sabon aiki sai an kammala biyan na baya. Makarantar da jarabawa ta matso mata kuma take son a buga mata tambayoyi, a makon za ka ji alat.